Saƙon daren gobe: a ɗaura shi kan agogo ko kan salla?

Duk mai aika yaro ko ƙane daga Kuseri ta Kamaru zuwa Njamena ta Cadi ya san saƙon da ake turawa bayan lisha, wanda ke shimfiɗa yinin gobe zango-zango: lokacin fita, inda za a fara, inda za a yi azahar, lokacin da za a kamo hanyar gida. Hanya biyu ake rubuta shi. Wasu suna sa lambar agogo a gaban kowane zango, daga safe har dare. Wasu kuma ba sa ambaton agogo ko sau ɗaya, sai su ce bayan asuba kaza, kafin azahar kaza, bayan la'asar ka taso. Kowacce tana da inda take aiki da inda take kayar da mutum, kuma wurin faɗuwar ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki yini ɗaya mu gwada su duka biyun a kansa. Talata ce a tsakiyar Nuwamba. Wani mai shago a Kuseri zai aiki ɗan ƙanensa da ayyuka uku: ya kai takarda wani biro, wato ofishin gwamnati, a buga mata hatimi, ya karɓo bashi wurin wani abokin ciniki a Babbar Kasuwa, sannan ya sayi buhu goma na dabino a Kasuwar Gero ya ɗoro su a mota ya ƙetaro da su. Hanyar ta bi ta gadar Ngeli a kan kogin Logon, inda ake duba takardu, duwan kuma, wato kwastan, ta duba kaya, ta ratsa Waliya, ta sake haye kogin Shari ta wajen Shagwa kafin a shiga tsakiyar gari. Gada biyu ke nan a tafiya, biyu a dawowa. Mintocin hanya da za a gani a ƙasa na wannan misalin ne, kowa ya sa nasa gwargwadon abin da ya saba gani.

Ga yadda mai bin agogo zai rubuta:

«Ɗana, ga tsarin gobe in sha Allah.
6:45 ka fita daga gida
7:00 zuwa 7:30 gada
8:10 zuwa 9:40 biro
10:00 zuwa 11:00 Babbar Kasuwa, karɓar kuɗi
11:15 zuwa 12:30 Kasuwar Gero, cinikin dabino
1:00 zuwa 1:50 azahar da abinci
1:50 zuwa 2:45 lodi
2:45 ka taso
3:25 zuwa 4:40 gada da duwan
4:55 shago»

Ga kuma na mai bin salla:

«Ɗana, gobe in Allah ya kai mu, ka karya bayan asuba ka fita da wuri. Ka fara da biro, daga nan ka biya wurin mutumin nan ka karɓo kuɗin. Ka gama cinikin dabino kafin azahar. In ka yi salla ka ci abinci, a yi lodi. Bayan la'asar ka taso, mu haɗu a shago kafin magariba.»

Na biyun ya fi daɗin karatu, kuma yaro zai haddace shi da karantawa ɗaya. Amma akwai kuskure a cikinsa wanda ba ya ganuwa sai an yi lissafi, kuma yana cikin jimlar ƙarshe.

A Njamena da Kuseri, a tsakiyar Nuwamba, lokacin la'asar yana shiga ne wajen 3:05, rana kuma tana faɗuwa wajen 5:30. Tsakaninsu awa biyu ne da minti 25 kawai. In yaron ya jira jam'in la'asar a masallacin kasuwa, a ce ana tayarwa 3:30, da alwala da salla da sallama da mutanen lodi ba zai tashi ba sai 3:50. Minti 40 zuwa Ngeli ya kai shi 4:30. In duwan ta yi sauri ya gama a minti 45, zai bar gada 5:15, ya iso shago daidai da kiran magariba, a sauke kaya cikin duhu. In kuwa ya tarar da layin kamiyo, wato manyan motocin kaya, ya ƙara rabin awa, magariba a kan gada za ta same shi. Kuma ba a ƙetare gadar nan a kowane lokaci aka ga dama, ana rufe ta, lokacin rufewar ma yakan canja. Mai kaya da ya makara yana iya kwana a ƙetare da buhunansa.

Abin lura shi ne, wannan saƙon kansa da ba shi da laifi in da a Yuli aka tura shi. A lokacin la'asar tana shiga wajen 3:30, magariba kuma sai kusan 6:30, wato awa uku cur a tsakani. Kalmar "bayan la'asar" ba ta canja ba, amma faɗin abin da ke bayanta ya ragu da fiye da rabin awa daga damina zuwa sanyi. Wannan shi ne babban raunin saƙon salla: zangunansa suna miƙewa suna takurewa da shekara, tafiyar mota kuwa ba ta san da haka ba. Mutumin da ya saba da tsarinsa tun Yuli yakan fara makara a hankali daga Oktoba, ya riƙa ɗora laifin kan direba.

Saƙon agogo ya kauce wa wannan ramin, domin wanda ya rubuta 2:45 ba daga sama ya tsinto ta ba. Daga baya aka ƙirgo. Ana so a gama sauke kaya 5:15, a bar minti 15 na alwala kafin magariba. Sauke buhu goma da ƙirga su minti 20 ne, ke nan isowa shago 4:55. Daga gada zuwa shago minti 15, ke nan barin gada 4:40. Duba kaya minti 45 da rarar rabin awa, ke nan isa gada 3:25. Daga kasuwa zuwa gada minti 40, ke nan tashi 2:45. Duk wanda zai rubuta saƙon irin wannan yini, da wannan ƙirgar ya kamata ya fara, tun kafin ya rubuta lokacin fita da safe, domin ƙarshen yinin ne ba ya matsawa.

Sai dai duba saƙon agogon da kyau: ina la'asar? Babu ita. Ta faɗa cikin zangon "gada da duwan", kuma tun da ba a ambace ta ba, yaron ne zai yanke hukunci shi kaɗai a tsakiyar hanya. Ko dai ya ji kiran salla ya tsayar da mota a Waliya, rarar rabin awar ta tafi a nan, ko kuma ya ce sai ya ƙetare, layi ya ja, rana ta yi ja bai yi salla ba. Wannan ba sakaci ba ne na mutum ɗaya, haka tsarin agogo yake yi: yana lissafa abin da ke da adireshi, ya manta da abin da za a yi a ko'ina aka samu kai. Gyaran layi ɗaya ne. A rubuta cewa la'asar a Ngeli za a yi ta bayan an shigar da mota layi, yaro da direba su yi ta ɗaya bayan ɗaya don kada a bar kaya babu mai tsaro, kuma a fito da alwala tun daga kasuwa ko a riƙe buta da ruwa a mota.

Rauni na biyu na saƙon agogo ya fi wannan girma. Layukansa goma a sarƙe suke, kowane yana rataye da na samansa. A ce mai hatimi bai zo biro ba sai 9:30, yaron ya fito 10:20 maimakon 9:40. Daga nan duk lambobin da ke ƙasa sun zama ƙarya, kuma saƙon bai gaya masa wanne zai sadaukar ba. Abin da aka fi gani shi ne yaro ya daina duba saƙon gaba ɗaya da zarar layi biyu sun kuɓuce masa, ya koma bin hankalinsa, har 2:45 ɗin da ita ce ginshiƙin yinin ta bi sahun sauran. Saƙon salla ba ya rushewa haka. "Ka gama ciniki kafin azahar" tana nan daram ko an makara minti 40, saboda zango ne mai faɗi da bango ɗaya a ƙarshensa, kuma bangon ana jin sa da kunne daga lasifikar masallaci ko wayar ta mutu.

Akwai kuma maganar mutanen da za a je wurinsu. Biro da agogo yake aiki: a Kamaru ma'aikatun gwamnati daga 7:30 ne zuwa 3:30, a Cadi kuma ran Juma'a ana tashi da tsakar rana. Ɗan kasuwa kuwa in ka ce masa ƙarfe goma zai amsa da "to", amma abin da ya riƙe a ransa shi ne hantsi. In ka ce masa "kafin azahar" ko "da an sallame la'asar", wannan alkawari ne da ya san bakinsa. Don haka zangon biro da na banki da na tashar mota, agogo ya dace da su. Zangon karɓar bashi da ciniki da ziyara, salla ta fi riƙe su.

Wani wuri da saƙonnin biyu ke tuntuɓe tare shi ne kalmar "azahar" kanta. A Njamena rana tana yin tsaka kusan daidai da 12:00 na agogo, domin garin yana kan layin da aka yanka wa agogon yankin, a Nuwamba ma tun 11:45 take karkata. Amma masallatai ba sa tayar da jam'i a wannan lokacin. Wani 1:00, wani 1:30, wani har 2:00. In baffa yana nufin azahar ta masallacin ƙofar gidansa da ake yi 1:00, yaro kuma ya tsaya a masallacin da ake yi 2:00, an yi asarar awa guda ba tare da kowa ya saɓa wa saƙon ba. Mai bin agogo kuma da ya rubuta 1:00 bai tambayi lokacin masallacin kasuwar ba, zai sa yaro ya zauna jiran jam'i, lodi na jiransa. Maganin duka biyun a ambaci masallacin da sunansa ko wurinsa, da lokacin da ake tayar da salla a cikinsa, sannan a faɗi abin da za a yi in lokacin bai yi daidai ba: a fara lodi, a yi salla in an kira.

A nan ne kuma jadawalin salla na aro yake cutarwa. Kamaru da Cadi da Najeriya agogonsu ɗaya ne, wannan ya sa mutane suke ɗauka kalandar da aka kawo daga Kano za ta yi aiki a Kuseri. Ba za ta yi ba. Kano tana yamma da Njamena da wajen digiri shida da rabi, kowane digiri kuma minti huɗu ne, ke nan duk sallolin Kano suna bayan na nan da kusan minti 26. Wanda ya ƙirgo baya daga magaribar Kano ya cinye kusan dukkan rarar da ya ware wa gada tun kafin yaro ya fita daga gida. Haka wayar da aka saita ta a Duwala aka manta ba a canja garin ba: a Nuwamba za ta nuna magariba bayan 6:00, alhali a Kuseri an riga an sallame. Tsakanin Marwa ko Garwa da Njamena bambancin kaɗan ne, 'yan mintoci, ba abin da zai ɓata tsari.

Sai maganar rara, wadda a ganina ita ce ta fi raba gwani da ɗan koyo. Mai bin agogo yana son yayyafa ta: minti goma nan, minti goma can, a bayan kowane zango. A takarda abin yana da kyau, a ƙasa kuwa minti goma ba ta tare komai. Jinkirin irin wannan yini ba ya zuwa ƙanana-ƙanana daidai wa daida. Wuri biyu ko uku ne ke cinye shi dunƙule, biro da gada da wanda ake bi bashi, sauran wuraren kuma suna tafiya yadda aka tsara. Minti goman da aka ajiye bayan zangon da bai makara ba, shayi da gaisuwa ne ke shanye ta, ba ta tsallakawa ta taimaki zango na gaba. Ya fi kyau a tara ta wuri biyu. Ɗaya gab da azahar, daga 12:30 zuwa 1:00, inda duk makarar safe za ta zo ta zube. Ɗaya a gada wajen dawowa. Ta gaban azahar tana da wata fa'ida: in ba a yi makara ba, ba ta tafi a banza ba, lokacin alwala ne da hutawa a inuwa. Mai bin salla yana samun wannan rarar ba tare da ya sani ba, shi ya sa safiyarsa ba ta cika ɓaci ba. Abin da ba ya samu shi ne ta gada.

Zangon azahar da abinci kuma kada a matse shi. Salla kanta minti goma ce, amma a masallacin kasuwa akwai layin buta da na bayi, wannan wata goma ce ko fiye. Zuwa wurin mai abinci, jira, ci, wanke hannu, minti 25. Wanda ya rubuta rabin awa ga salla da abinci ya rubuta abin da ba zai yiwu ba, kuma abincin ne za a tsallake. Yaron da ya karya da kunu da ƙosai 6:15 bai sake sa komai a ciki ba, shi ne zai tsaya gaban ma'aikacin duwan ƙarfe huɗu da yunwa da gajeren haƙuri. Minti 50 ne mafi ƙaranci. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, da zafin Njamena ke haura digiri 40, masu dako ma ba sa ɗaga buhu da gaske tsakanin ɗaya da uku, don haka lodin sai a dawo da shi kafin azahar, ciniki ya matsa sama, karɓar bashi ya koma wata rana in ya kama.

To wanne za a zaɓa? In aikin gobe duk a cikin gari ɗaya ne, da 'yan kasuwa za a yi hulɗa, babu gada babu biro, saƙon salla ya wadatar, na agogo ma wahalar banza ne. In akwai abin da ke rufewa ko tashi a kan lokaci, kuma tafiya ce mai kaya, saƙon salla shi kaɗai haɗari ne, musamman daga Oktoba zuwa Janairu. Ga yinin da muke magana a kai, abin da ya fi aiki shi ne a ɗauki ƙashin bayan na salla, a kafa masa lambobin agogo uku kacal a wuraren da ba sa jira:

«Ɗana, tsarin gobe Talata in sha Allah.
Safe: fita 6:45, katin shaida da takardar biro a aljihu. Biro tukuna. In 10:00 ta yi ba a buga hatimi ba, ka baro ta sai Alhamis.
Kafin azahar: kuɗi a Babbar Kasuwa, sannan dabino buhu 10. In mutumin ba ya nan kada ka jira, ka wuce ciniki da kuɗin da na ba ka.
Azahar a masallacin da ke kusa da masu dabino, ana yi 1:00. Ka ci abinci sosai.
Lodi bayan abinci. Tashi 2:45, ko da buhu 8 aka samu.
La'asar a Ngeli bayan kun shiga layi, kai da direba bi da bi.
Magariba 5:30 a shago.
Ka amsa min yanzu in ka karanta.»

Lambobin da aka kafa su ne 6:45 da 10:00 da 2:45, sauran biyun lokutan salla ne da aka rubuta don kada a yi saɓani. Abin da ya bambanta wannan da na farkon guda biyu shi ne kowane wuri mai iya cin lokaci an haɗa shi da hukuncinsa: a baro takarda, a wuce mai bashi, a taso da buhu takwas. Yaro ba zai iya yanke waɗannan da kansa ba, domin yana jin nauyin ya dawo wa baffansa da aiki rabi, sai ya gwammace ya jira. Izinin barin abu dole ya fito daga wanda ya aike shi, kuma tun daren.

Dalilin cewa tun daren ba na ladabi ba ne kawai. Da an ƙetare Logon an shiga yankin layukan Cadi. A Kamaru MTN da Orange ake riƙewa, a Cadi Airtel da Moov, kuma wanda bai da layin ƙetare ba lalle saƙon WhatsApp ya same shi a tsakiyar Njamena ba. Saƙon gyara da aka tura ƙarfe sha ɗaya yana iya shiga wayar sai yaro ya dawo bakin gada. Saboda haka a tura tsarin tsakanin lisha da ƙarfe tara, lokacin da za a iya tambaya a amsa, a kuma kira mai bashin da direban a tabbatar. Alamar shuɗin layi biyu ba amsa ba ce, a nemi yaro ya maido da lokacin tashi da bakinsa ko da rubutunsa. In ba ya karatun boko sosai, a yi masa saƙon murya, amma a bi shi da rubutaccen layi ɗaya mai lambobin nan uku, domin ba wanda zai tsaya a hayaniyar kasuwa yana neman inda aka ambaci lokacin tashi cikin muryar minti huɗu. A nan yankin da aka saba da ƙirgen Faransanci, rubuta 14h45 ya fi 2:45 fita, in shi yaron ya saba gani a takardu.

Ran Juma'a tsarin nan ba ya ɗaukuwa yadda yake. Biro a Cadi ya tashi da rana, kasuwa tana yin sanyi tun kafin huɗuba, hanyoyin da ke kewaye da manyan masallatai irin na Sarki Faisal kusa da Babbar Kasuwa suna cika da sahu, mota ba ta wucewa. Zangon azahar na minti 50 ya koma kusan awa biyu, don haka ayyuka ukun nan ba za su shiga ba, sai a zaɓi biyu. Da damina kuma, Yuli zuwa Satumba, rarar hanya ce ake ninkawa: minti 40 na kasuwa zuwa gada a rubuta shi awa ɗaya, a kuma ƙara layi a saƙon cewa in hadari ya haɗu kafin a gama lodi, a rufe buhunan da tamfol a jira ya sauka, la'asar kuma a yi ta a kasuwa, tun da magaribar lokacin tana bayar da wannan sararin.